Ƙari lokaci guda ko ƙari daki-daki: wane imel za ka tura wa tsohon kwastomanka na fassara?

Duk mai fassara da ya daɗe a harkar nan yana da kwastoma ɗaya da yake jin nauyinsa, wanda ya fara ba shi aiki tun ba a san shi ba, bai taɓa cin kuɗinsa ba, kuma shi ne dai har yau yake biyan farashin da aka yanka shekaru shida ko bakwai da suka wuce, sabbin kwastomomi kuwa tuni sun koma sabon farashi ba tare da ko gardama ba. To idan ka kai matakin da ka ce ba zai yiwu a ci gaba a haka ba, imel iri biyu ne a gabanka. Ko dai ka rubuta ka ce daga rana kaza farashi ya koma kaza, shi ke nan, ko kuma ka raba ƙarin gida biyu ko uku ya riƙa hawa a hankali cikin wata shida. Kowanne yana da inda yake aiki da inda yake ɓata lamari, kuma ni ra'ayina tun daga farko shi ne na farkon ya fi a mafi yawan lokuta, amma akwai yanayi biyu da na biyun ne kaɗai mafita, zan zo kansu.

Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe dan kar maganar ta tsaya a iska. A ce kana Kano, kana yi wa wata ƙungiya mai zaman kanta da ke aikin lafiya fassarar takardun wayar da kai daga Turanci zuwa Hausa, tun 2019 kuna kan naira 10 a kowace kalma, ana ƙirgawa daga kalmomin Turancin. A wata suna turo maka kamar kalma 20,000, wato naira 200,000 ke nan, kuma idan kana yin kalma 2,000 a rana aikinsu yana cinye maka kwana goma cif. Sabbin kwastomominka kuma naira 25 suke biya. Waɗannan lambobi na misali ne kawai, kai ka sa naka a gurbinsu, lissafin dai ɗaya ne.

Kafin ka zaɓi imel ɗin da za ka tura, fara gane ko nawa naira 10 ɗin nan ta koma. A 2019 dala tana wajen naira 360 a kasuwar canji, kenan naira 10 ta kusa santi 3 na dala. Bayan an saki naira a watan Yunin 2023, zuwa farkon 2024 dala ta haura naira 1,500, in ka buga a kan haka naira 10 ɗinka ba ta kai santi ɗaya ba, kuma in da da dala za ka auna, sai ka ce naira 40 da wani abu kafin ka dawo inda kake a 2019. In ka ce kai ba ruwanka da dala, to auna da albashi mafi ƙaranci, wanda yake 30,000 a 2019 ya koma 70,000 a Yulin 2024, ninki biyu da ɗoriya ke nan, in ka ɗora wannan a kan naira 10 zai ba ka kamar naira 23. Kaga ashe 25 ɗin da kake jin kunyar furtawa ba wani tsalle ba ne, kusan abin da gwamnati da kanta ta yarda an yi wa ƙaramin ma'aikaci ne. Wannan lissafin naka ne kai kaɗai fa, ba lallai ya shiga imel ba, amfaninsa shi ne hannunka ya daina rawa lokacin da za ka rubuta lambar.

To ga imel na farko, na ƙari lokaci guda. A ce wadda kake mu'amala da ita Hajiya ce mai kula da shirye-shirye a ofishin:

"Assalamu alaikum Hajiya, barka da aiki, ya iyali. Na rubuto ne in sanar da ke tun da wuri cewa daga 1 ga Janairu farashin fassarata zai koma naira 25 a kowace kalma. Tun 2019 muke kan naira 10 ban taɓa shi ba, sauran waɗanda nake wa aiki kuma sun jima a kan sabon farashin, ku ne na ƙarshe saboda daɗewar da muka yi tare. Duk aikin da kuka turo kafin ƙarshen Disamba, da wanda muka riga muka yi yarjejeniya a kansa, yana nan a tsohon farashi. Idan ofishin kuɗi suna buƙatar sabuwar takardar farashi da sa hannuna, ki faɗa min zan turo yau. Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci."

Abin da ya sa nake son wannan shi ne magana ɗaya ce, sau ɗaya za ka ji nauyin, sau ɗaya Hajiya za ta hau sama wajen shugabanta ta nemi sa hannu, sau ɗaya akanta zai gyara takardunsa. Mutane suna mantawa da wannan ɓangaren, suna ganin kamar Hajiya ce ke biya daga jakarta, alhali ita ma takarda za ta cike ta kai wa wani ya amince, kuma duk ƙarin da ka yi ita ce za ta je ta kare shi a gaban mutanen da ba su san ka ba, ba su san ka taɓa kwana kana gyara musu takardar rigakafi ranar Asabar ba. In ka sa ta yi wannan zirga-zirgar sau uku cikin wata shida, a karo na uku ita kanta za ta fara gajiya da kai.

Sannan akwai lissafin da ke kwantar da hankali. A naira 25, kalma 8,000 kacal kake buƙata ka samu 200,000 ɗin da kake samu yanzu, wato ko da sun ji zafin ƙarin sun rage aikin da suke ba ka da kashi 60 cikin ɗari, kuɗinka na wata bai ragu da sisi ba, kuma kwana shida cikin goman nan sun dawo hannunka, ka sayar wa wanda ke biyan 25. In kuma ba su rage komai ba, 200,000 ta koma 500,000, in sun cire harajin nan na kashi 5 da ake cirewa tun daga tushe sai 475,000 ta shigo asusunka. Abin da zai cutar da kai shi ne su tafi gaba ɗaya, kuma ko a nan ɗin ma tambayar ita ce, za ka iya samo kalma 8,000 a wata daga wani wuri a sabon farashi? In amsar e ce, ba ka da dalilin jin tsoro.

Illarsa kuwa a fili take, daga 10 zuwa 25 ninki biyu da rabi ne, kuma duk wanda ya buɗe imel ya ga haka sai ya ɗan yi turus ko da kuwa yana ƙaunarka. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne ƙa'idar sayen kaya da ayyuka ta ƙungiyoyi, da yawansu in kuɗin aiki ya haura wani mataki dole sai an nemo farashi daga mutum uku an kwatanta, to kai da kake ƙasa da wannan matakin shekara da shekaru ba wanda ya taɓa waiwayarka, ƙarin lokaci guda zai iya tura ka sama da shi, sai ka ga an buɗe aikin ga kowa, wani ɗan jami'a da ya gama jiya ya zo ya ce shi zai yi a naira 8. Ba wai zai yi aikin da kyau ba, amma kafin su gane haka wata huɗu ya wuce. Wannan abu ne da za ka iya tambayar Hajiya kai tsaye kafin ka rubuta komai, kuma yawanci za ta faɗa maka.

Yanzu ga na biyu, na daki-daki. Gaisuwar da rufewar duk ɗaya ne, cikin ne ya bambanta:

"Farashina na yanzu ga kowa naira 25 ne a kalma. Saboda daɗewar da muka yi, kuma na san kasafinku na bana an riga an rufe shi, ba zan kai ku can lokaci guda ba. Daga 1 ga Janairu zai zama naira 16, daga 1 ga Afrilu naira 20, daga 1 ga Yuli kuma naira 25. Ina roƙon ki amsa min wannan imel ɗin da amincewa da duka ranakun uku, dan kada mu sake buɗe maganar a tsakiyar shekara."

Wannan ya fi daɗin karantawa, babu shakka, kuma yana ba wa Hajiya abin da za ta riƙe ta shiga ofishin shugabanta da shi, ta ce ai ragi ma ya yi mana. Amma ka san nawa wannan sassaucin ya ci maka? Wata uku a kan 16 maimakon 25, bambancin naira 9 ne a kalma, sau 20,000, sau uku, 540,000 ke nan. Wata uku a kan 20, bambancin naira 5, ya ba da 300,000. Jimla naira 840,000 ka bari a teburinsu, wanda ya fi kuɗin wata huɗu na abin da suke biyanka a tsohon farashi. Ba na cewa kar ka yi, ina cewa ka san kuɗin da kake biya ne dan kada su tafi, to in dama ba tafiya za su yi ba, kyauta ka yi musu, kuma ba su ma san ka yi ba.

Sannan a matakin farko kariyar da kake da ita ta fi ƙanƙanta, a naira 16 sai ka samu kalma 12,500 kafin ka cike 200,000, wato in sun rage aiki da rabi saboda sun ga ƙari na tafe, kai ne a ƙasa.

Babbar matsalar daki-daki dai ba lissafi ba ce, ita ce mataki na biyu da na uku sau da yawa ba sa zuwa. Janairu ya zo an koma 16, kowa ya yi murna, Afrilu ya zo ka tura takardar neman biya a kan 20, sai akanta ya dawo maka da ita ya ce shi a kwamfutarsa 16 ne, Hajiya kuma ta tafi hutu ko an canja mata wurin aiki an kawo wani sabo da bai san zancen ba, kai kuma ka ga ai ba a jima da yin ƙari ba, ka ji nauyin sake tayar da magana, sai ka ce bari a ƙara wata ɗaya. Haka za ka wayi gari shekara biyu ta wuce kana kan 16. Shi ya sa in dai za ka bi wannan hanyar, duka ranakun da duka lambobin su kasance cikin imel ɗaya, a amsa maka a rubuce, ka kuma nemi a sa ofishin kuɗi a cikin waɗanda aka tura wa kwafi. Imel ɗin da ya ce "za mu fara da 16 sannan mu ga yadda hali zai yi" ba daki-daki ba ne, ƙari ɗaya ne ƙarami ka yi ka rufe wa kanka ƙofa.

To yaushe ne na biyun ya fi? Yanayi na farko shi ne idan kuɗin da suke biyanka da shi na wani shiri ne da aka riga aka yanka masa kasafi, aka rubuta fassara kaza a shekara, ba mai ikon ƙara ko kwabo sai sabuwar shekarar kuɗi. A nan ko Hajiya ta so ba ta da yadda za ta yi, in ka dage sai 25 gobe, abin da zai faru shi ne kuɗin fassarar shekara ya ƙare a wata na biyar. Sai ka tambaya yaushe shekarar kuɗinsu ke farawa, wasu Janairu ne, waɗanda kuɗinsu ke zuwa daga gwamnatin Amurka kuma sau da yawa 1 ga Oktoba ne, Birtaniya Afrilu, sai ka tsara matakinka na ƙarshe ya faɗo daidai ranar, kuma ka tura imel ɗin wata biyu ko uku kafin su rufe sabon kasafi, ba bayan sun rufe ba. Wannan kaɗai, wato lokacin turawa, ya fi duk wata ƙwarewar iya rubutu tasiri. Ka kuma tuna tun da aka dakatar da tallafin hukumar agaji ta Amurka, USAID, a farkon 2025 ƙungiyoyi da dama a arewa sun rage ma'aikata, to in taka tana cikinsu, "ba mu da kuɗi" ɗin da za su ce maka gaskiya ce, ba salon ciniki ba ne.

Yanayi na biyu shi ne idan wannan kwastoman shi ne fiye da rabin abin da kake samu a wata. Mutumin da cefanen gidansa da kuɗin makarantar yaransa suka rataya a kan ofishi ɗaya ba shi da ƙarfin cewa ko a ɗauka ko a bari, kuma suna iya jin haka a muryarsa. Shi wannan wata shidan na daki-daki lokaci ne ya saya, ya yi amfani da shi ya nemo wasu kwastomomi biyu ko uku, ta yadda in Yuli ya zo aka ce ba za a iya 25 ba, zai iya cewa albarka ya juya. In ba ka cikin ɗayan yanayin nan biyu, ni dai shawarata ka tura na farko, ka ba su sanarwar wata biyu, wannan sanarwar ita ce mutuncin da daɗewar ta cancanta.

Akwai kuma zaɓi na biyu a cikin kowane imel ɗin, wato ka zuba dalilai ko ka taƙaita. Hannu yana ƙaiƙayin ya rubuta komai, an cire tallafin mai a 29 ga Mayun 2023 lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura dubu a ƙarshen 2024, wutar lantarki ta Band A ta koma naira 225 a kowane yunit a Afrilun 2024, hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 a Janairun 2025 data ta yi tsada, janareta, batirin sola, kwamfuta ta tsufa. Duk gaskiya ne, amma Hajiya a garin nan take, a gidan man da kake sha take sha, ba labari kake ba ta ba. Kuma dogon bayani yana da illa biyu, na farko yana mayar da imel ɗin kamar takardar neman taimako, sai a amsa maka da "Allah ya kawo sauƙi, mu ma haka muke fama", maganar ta mutu a nan. Na biyu, duk dalilin da ka kawo ka ba su abin da za su kama ne, in ka jingina farashinka da kuɗin mai, ranar da lita ta sauko da naira ɗari akanta zai tuna maka. Jimla ɗaya ta isa, cewa farashin bai motsa ba tun shekara kaza kuma sauran kwastomomi sun riga sun koma sabo. Wannan ba a jayayya da shi.

Inda dalilai ke da amfani shi ne idan ita Hajiyar ce ta nema, ta ce ka ba ni abin da zan nuna a sama. To nan sai ka ba ta layi uku masu lamba da kwanan wata, irin na albashi mafi ƙaranci da hauhawar farashi da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024, ka haɗa da abin da su suke samu a wajenka wanda sabon mutum ba shi da shi, misali jerin kalmomin lafiyarsu da ka tara tsawon shekaru, ka san yadda suke son a kira kowace allura da kowace cuta, ka san wace Hausa ce ke tafiya a Sakkwato wace ce ke tafiya a Borno, ba sai an dawo maka da aiki gyara ba.

Duk abin da na faɗa a sama na mai biya da naira ne fa. In kwastomanka kamfanin fassara ne na waje da ke biyanka da dala ko yuro, kar ka kuskura ka ambaci faɗuwar naira, dan wannan hujjar a kanka take, manajan aikin zai ce ai santi 6 ɗinka na 2019 yanzu ya ninka sau huɗu a kuɗin ƙasarku, wasu ma da wannan suke neman ragi. Su waɗannan ba a yi musu ninki biyu da rabi, ƙarin kashi 10 zuwa 20 ne ake iya tattaunawa, kamar daga santi 6 zuwa 7, kuma daki-daki ba shi da ma'ana a wajensu tunda farashinka lamba ce guda a cikin manhajarsu, manajan da ke turo maka aiki ma ba shi ke canja ta ba, akwai mai kula da masu fassara daban, shi za ka rubuta wa. Ka kuma duba jadawalin ragin da suke yi a kan jimlolin da suka maimaitu a manhajojin fassara irin Trados ko memoQ, dan wani kamfanin zai amince da santi 7 sannan ya matse ka a can, ka tashi babu abin da ya ƙaru. 'Yan'uwanmu na Nijar kuma lissafinsu daban ne, sefa a ɗaure take da yuro a kan sefa 655.957 a yuro ɗaya, ba su da zancen faɗuwar kuɗi irin namu, hujjarsu tsadar rayuwa ce da shekarun da farashin ya yi bai motsa ba.

Wasu in kunya ta hana su duka biyun sai su bi ta bayan gida, su bar naira 10 yadda take amma su fara ƙirga kalmomin Hausar maimakon na Turancin tunda fassarar Hausa takan fi tsawo, ko su ƙirƙiro kuɗin gyaran shafi, ko su mayar da kowane aiki na gaggawa. Ban ga hikimar wannan ba, abin da za ka samu bai taka kara ya karya ba idan ka kwatanta da 25, kuma ranar da akanta ya lura lambar kalmomin ba ta yi daidai da takardar da suka turo ba, amanar shekara shida ce ta tafi. Mafi ƙarancin kuɗin aiki da kuɗin gaggawa abubuwa ne masu kyau, amma a rubuta su a fili cikin imel ɗin, misali duk aikin da bai kai kalma 300 ba kuɗinsa 7,500 ne, wanda ake so cikin awa 24 kuma akwai ƙarin kashi 30.

Ko wanne ka zaɓa, a wajenmu ba a jefa wa mutumin da kuka daɗe tare irin wannan takarda haka kawai ya buɗe ya gani. Ka kira ta a waya kwana ɗaya ko biyu kafin nan, ku gaisa sosai, ka ce Hajiya akwai imel da zan turo kan farashi, ban so ki gan shi ba tare da na fara faɗa miki da bakina ba. Amma ka yi hattara, wayar ta sanarwa ce da tambaya, a nan za ka ji zancen kasafi da na neman farashi daga mutum uku, ba wurin yanka lamba ba ne, dan a waya ne za ta ce haba Malam, kai fa namu ne, kai kuma ka ji kunya ka ce to a bar shi 13. In ta matsa ka ce komai yana cikin imel ɗin, ki duba a nutse. Haka ma wasap, yana da kyau wajen cewa na turo, amma lambar da ranar su zauna a imel inda ofishin kuɗi za su iya bugawa su sa a fayil.

Amsar da za ta dawo ma tana nuna maka inda kake. In sun ce za su iya 20 ba 25 ba, wannan albishir ne, suna so ka zauna, sai ka duba me za ka karɓa a madadin naira 5 ɗin, ko su riƙa biya cikin sati biyu maimakon wata biyu, ko su lamunce maka adadin kalmomi a wata, ko 20 ɗin ta zama ta wata shida kawai da ranar komawa 25 a rubuce, kaga ka dawo daki-daki amma daga sama ka sauko, wanda ya fi ka fara daga 16 kana roƙon hawa. Wannan ma wani dalili ne da ya sa nake fifita farawa da na farko, daga shi ana iya saukowa zuwa na biyu, daga na biyu kuwa ba a hawa zuwa na farko. In sun yi shiru har ranar sabon farashi ta wuce sannan sabon aiki ya shigo kamar ba a yi komai ba, kar ka fara shi, ka amsa da cewa na karɓa, kalma 3,200 ne, a sabon farashi ya kama naira 80,000, ki tabbatar min in fara. In kuma aka ce maka "bari mu duba" sannan aiki ya ɗauke ɗif, to suna gwada wani ne, ka bar su, kar ka bi su da imel na ragi, bayan wata ɗaya ka tura gaisuwa kawai ka ce kana da sarari a sati mai zuwa in akwai aiki, a kan naira 25.